Kano zuwa Bauchi a kan babur: lissafin da ake farawa daga magariba

Tsakanin Kano da Bauchi, idan aka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, kimanin kilomita 300 ne. Motar haya mai lafiya takan cinye wannan tazarar cikin awa huɗu zuwa biyar. Mai babur da ya ji haka sai ya ce a ransa, to ni in ƙara awa ɗaya, shida ke nan, ko da hantsi na tashi zan isa. Wannan lissafin ne yake kai mutane cikin dajin da ke tsakanin Ningi da Bauchi bayan faɗuwar rana, da fitilar da ba ta haska abin kirki, da idon da ya riga ya gaji.

Babur ɗin da yawancinmu muke hawa ƙarami ne, irin su Bajaj da Jincheng da roba-roba, masu inji si-si 100 zuwa 125. An ƙera su don zirga-zirgar gari da ta ƙauye, kuma suna iya doguwar hanya, amma da tafiyarsu. Littafin dokokin hanya na Nijeriya kilomita 50 a awa ya ƙayyade wa babur, a cikin gari da kan babban titi duka. Kowa ya san da yawa suna wuce haka. Sai dai ko mutum yana taɓa 60 inda titi ya miƙe, idan aka haɗa da ramuka, da tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye, da shingen jami'an tsaro, da garken shanu masu tsallakawa, da wuya ya ci fiye da kilomita 45 a kowace awa. A raba 300 da 45, an sami awa shida da minti arba'in a kan sirdi zalla. A ƙara wajen awa biyu da kwata na hutu da cin abinci da salla, tafiya ta zama ta awa tara.

To daga nan sai a koma baya. Rana tana faɗuwa a wannan yanki tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura, gwargwadon lokacin shekara. Wanda ya bar Kano ƙarfe shida da rabi na safe zai shiga Bauchi wajen uku da rabi na yamma, ya bar wa kansa rarar awa biyu da rabi zuwa uku. Wannan rarar ita ce jarin tafiyar gaba ɗaya. Faci ɗaya yana cin awa guda. Ruwan sama mai ƙarfi yana cin wata. Wanda ya tashi ƙarfe tara ya riga ya kashe jarinsa tun bai wuce Mariri ba.

Me ya sa ake gudun dare haka? Fitilar ƙaramin babur ba ta nuna rami sai an kusa faɗa masa, tirela mai zuwa takan kashe wa mutum ido da nata hasken, akwai motocin da suka lalace aka bar su a kan titi ba alama sai ganyen da aka zuba, ga kuma batun tsaro wanda ba sai an yi dogon bayani ba. Shi ya sa kafin a tashi ake tambayar direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, don labarin bara ba ya amfani. A kuma tambayi dokar garin da za a shiga. Maiduguri ta hana babur tun 2011, Kano ta hana goyon fasinja a cikin birni a farkon 2013, wasu yankunan Diffa da Tillaberi a Nijar ma an yi irin wannan hani. Dokokin nan sukan sassauta, sukan kuma tsananta, wanda aka ƙwace wa babur a shinge kuwa tafiyarsa ta ƙare a nan.

Kwana uku kafin tashi

Kada a kai babur wurin bakanike daren tafiya. Gyaran da aka yi jiya shi ne ya fi saurin nuna aibu yau: noti da aka manta ba a ɗaure ba, tub da liba ta ɗan cije, wayar birki da aka ja ta wuce kima. A yi gyaran da sauran kwana biyu ko uku, a hau babur ɗin a yi harkokin gari da shi, duk abin da zai kwance ya kwance a kusa da gida.

Abin da za a duba ba shi da yawa. A juye baƙin mai a zuba sabo, irin wanda aka rubuta wa 20W-50 ko abin da littafin babur ɗin ya ce, kusan lita ɗaya yake ci. Injin nan iska ce take sanyaya shi, ba shi da lagireto, don haka mai shi ne rabin ransa a doguwar hanya. A duba sarƙa: a tsakiyarta, idan aka ɗaga da yatsa, ta yi wasa kamar santimita biyu zuwa uku. In ta yi sako-sako za ta iya zamewa daga haƙoranta ta cije ƙafar baya, in ta yi tauri kuma, da an ɗora kaya babur ya zauna sai ta ƙara ɗamewa ta ci kanta. Taya mai sanƙo ko mai tsagewa a gefe a canza ta, tub mai faci uku ko huɗu ya zama na ajiya. A gwada birkin gaba da na baya, da fitila, da ham, da madubi. Madubin nan da samari suke cirewa don ado, a babban titi shi ne yake gaya maka tanka ta taho a bayanka.

Sabon babur dal kuma ba shi ne ya fi dacewa da wannan tafiya ba, sai in an yi haƙuri. Injin da bai yi kilomita dubu ba yana bukatar a bi shi a hankali, ana sauya gudu, ana hutar da shi, a kuma juye mansa na farko da wuri.

Sai lissafin fetur. Kowa yana da labarin yadda babur ɗinsa ba ya shan mai, amma gara a auna. A cika tanki, a je wani wuri da aka san nisansa a dawo, a sake cikawa a ga lita nawa ya ci. Kano zuwa Wudil da dawowa ya ɗan haura kilomita 80, ya isa gwaji. Babur mai si-si 100 da kaya a bayansa, a yi masa lissafin kilomita 40 a lita don a zauna lafiya. Kilomita 300 ke nan lita bakwai da rabi, tankin Bajaj kuwa yana ɗaukar wajen lita goma zuwa sha ɗaya. A takarda tanki ɗaya ya isa. Duk da haka a ƙara a Birnin Kudu ko Ningi, a gidan mai, don kada a wayi gari ana sayen na kwalba wurin 'yan bumburutu, wanda wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Roba-roba tankinsa ƙarami ne sosai, shi kam kowane babban gari sai an sha. Fetur a gorar ruwa a ɗaure a bayan babur cikin rana, ban ga dalilinsa ba a hanyar da take da gidajen mai.

Inda kaya ya zauna

Mutanenmu sun iya lodi, wannan ba gardama. Amma lodin da ya kai buhu daga kasuwa zuwa gida daban yake da wanda zai yi awa tara yana jijjiga. Abin lura shi ne inda nauyi ya faɗa dangane da ƙafar baya. Kariya tana zaune ne a saman tayar baya, jelarta ma ta wuce tayar. Duk abin da aka ɗora a wannan jelar yana danna baya yana ɗaga gaba, kamar yadda yaro mai nauyi yake ɗaga ɗan'uwansa a kan lilon katako. Tayar gaba ita take juya babur, ita kuma take yin mafi yawan aikin birki. In ta yi sako-sako da ƙasa sai ka ji kan babur yana rawa a hannunka, musamman in tirela ta wuce ta buga maka iska, ko ka hau yashi a gefen titi. Fitila ma sai ta koma haska rassan bishiya.

Saboda haka abu mafi nauyi a ɗora shi a mazaunin fasinja, manne da bayan mai tuƙi. Mara nauyi, irin su tabarma da bargo da tufafi, su ne na kan kariya. In kayan ya rabu biyu, a rataya shi dama da hagu da nauyi daidai, a ƙasa-ƙasa, amma a kula da abu biyu: salansa a dama tana ƙona jaka har ta kama wuta, sarƙa a hagu tana jan duk abin da ya yi lilo. Faɗin kaya kada ya wuce faɗin kan babur, don inda hannunka ya wuce nan kake zaton bayanka ma zai wuce. Jakar goyo mai nauyi a kafaɗa kuwa, kafin Birnin Kudu wuya da kafaɗa sun fara ciwo. A sauke ta a ɗaure a babur.

Robar tsohon tub da ake yankawa ita ce igiyar da ta fi kamawa, domin tana bin kaya in ya motsa. A ɗaure ta a gicciye, gaba zuwa baya da dama zuwa hagu, a cusa bakinta ciki kada ya yi reto kusa da taya. A kawar da fuska lokacin ja, robar da ta tsinke ta sha fasa ido. In an gama a kama kayan a girgiza da ƙarfi: in kaya ya motsa babur bai motsa ba, ɗaurin bai yi ba. Da damina a sa tufafi da takardu cikin leda tukuna, sannan a sa a jaka. Kayan gyara da ruwan sha da rigar ruwa su zauna a sama, inda za a ɗauko ba sai an kwance lodi duka a bakin titi ba.

Nauyi ya ƙaru, iskar taya ma sai ta ƙaru. A irin waɗannan babura gaba takan sha 25 a ma'aunin mai faci, baya 28 in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo ko kaya. A auna da safe taya tana da sanyi. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana zafi, tana kuma zamewa a kan rim a hankali tana jan tub, har bawul ya karkace ya yage daga gindinsa. Wanda ya ga bawul ɗinsa ya kwanta gefe maimakon ya tsaya cak, an ba shi sanarwa ke nan. In shokazoba tana da matakan ɗaurewa, a ƙara mata mataki ɗaya ko biyu, dama da hagu daidai.

Tufafi ma kaya ne. Babbar riga da rawani mai jela, da gyale ko dogon hijabin wadda aka goya, duk sarƙa da ƙafar baya suna iya kamawa, kuma in sun kama ba sa saki. A naɗe babbar riga a sa a jaka, a sa ta in an isa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Hular kwano mai gilashi, a ɗaure igiyarta a haɓa. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta tun farkon 2009, amma ko ba don doka ba, wanda ƙwaro ya taɓa bugar masa ido yana gudu ya san amfanin gilashin. Da hunturu sanyin asuba a kan babur yana sandarar da yatsu har su kasa matsa birki da sauri, don haka safar hannu da rigar da iska ba ta ratsawa dole ne. Tsohuwar dabarar cusa jarida a ƙirji a ƙarƙashin riga har yanzu tana aiki.

Gajiya ba ta sallama

Babur in an kula da shi zai yi kilomita 300 bai ce komai ba. Mai tuƙin ne yake lalacewa a hanya, kuma matsalar ita ce gajiya tana fara taɓa hankalin da zai gane an gaji. Alamominta sanannu ne ga duk wanda ya yi doguwar hanya. Za ka ga ka faɗa ramin da ka hango tun daga nesa. Za ka wuce ƙauye ba ka tuna ka shige shi ba. Gudu yana hawa yana sauka ba da niyyarka ba, ka manta ba ka sauya giya ba, ido ya kafe a wuri ɗaya a kan kwalta, hamma ta yi yawa. Daga nan sai gyangyaɗin da bai wuce ƙiftawa biyu ba. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku ido a rufe, mita 50 ke nan babu direba. Mota tana da ƙafa huɗu, takan ɗan yi wa mai ita uzuri. Babur ba ya yi.

Maganin farko tun daren jiya ake shan sa, wato barcin awa bakwai ko takwas. Wanda ya kwana ɗaurin kaya da sallama da 'yan'uwa har ɗaya na dare, sannan ya tashi da asuba, ya fara tafiya da bashi. Jikin mutum kuma yana da lokutan da yake yin sanyi da kansa: tsakiyar dare zuwa asuba, da kuma bayan azahar, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu. Wannan na biyun shi yake kama matafiyi, ga rana, ga ciki cike. Tuwo mai nauyi ko fura da nono kwano guda a Ningi, sannan a hau miƙaƙƙen titi, gayyatar barci ce. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: shayi da burodi, ƙosai, dabino, gyaɗa, ayaba.

Ƙishirwa ita ma tana zuwa a ɓoye, domin iska tana busar da gumi kafin ka ji shi. Da bazara, lokacin da zafi yake kai maki 40 a watan Afrilu, a sha fiya wata ɗaya ko biyu a kowane zango ko ba a ji ƙishi ba. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya yi kaɗan, ko an yi awa huɗu ba a nema ba, ruwa ya yi ƙasa. Ciwon kai da jiri da murɗawar tsoka in sun zo, a nemi inuwa a sha ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Mai azumi ya san addini ya yi wa matafiyi sauƙi, in kuwa ya zaɓi ya riƙe azuminsa, to ya raba tafiyar kwana biyu, ya yi ta da sanyin safiya.

Goro da shayi da kofi suna taimakawa, amma aro suke ba ka, kuma sai bayan kamar minti ashirin zuwa talatin suke fara aiki. Dabarar da ta fi ita ce a sha shayin, a kwanta a inuwa minti goma sha biyar zuwa ashirin, a tashi lokacin da shayin ya fara kamawa. Tiramol da sauran ƙwayoyin da ake cewa suna kashe gajiya, abin da suke kashewa shi ne jin gajiyar, hannu da ido kuwa suna nan a gajiye, ga ƙarin ganganci. Maganin mura irin su firiton shi ma yana sa barci, kada a sha shi da safen tafiya.

Ga yadda zangon zai iya kasancewa. An bar Kano shida da rabi, rana tana fitowa a fuska domin gabas aka dosa, a yi hattara da wannan awar ta farko. Wudil bakwai da rabi: tsayawar minti goma, ba don gajiya ba, don kaya ne. Jijjigar farko takan zaunar da lodi roba ta saki, a nan ake ƙara ɗaurewa, a leƙa ƙarƙashin inji ko mai yana ɗiga. In ranar Juma'a ce a tuna kasuwar Wudil tana ci, cunkoson motocin shanu zai ci lokaci. Daga Wudil zuwa Birnin Kudu kusan awa biyu ne, a raba shi da ɗan miƙe ƙafa a Kachako. Birnin Kudu wajen goma saura, hutun rabin awa, karin kumallo da mai. A Babaldu a ɗauki hanyar Ningi, a isa sha biyu saura, a huta sosai. Kafin Madaki wajen biyu saura, a yi azahar, a ɗan kishingiɗa a inuwar masallaci daidai lokacin da jiki yake neman barci. Biyu da rabi a tashi, uku da rabi ana Bauchi. Ba a yi fiye da awa ɗaya da rabi a jere a kan sirdi ba, kuma kowace tsayawa inji ma ya sha iska.

Wurin tsayawa a zaɓi cikin gari, inda mutane suke, a sauka daga kwalta gaba ɗaya. Kada a tsaya a kwana ko bayan tudu inda mai zuwa ba zai hango ka ba. A bar wa wani a gida labarin hanyar da aka bi, a riƙa kiransa daga kowane zango. Lasin da takardun babur da rasit ɗin saye da katin shaida su zauna a aljihun gaba cikin leda, kuɗi kuma a raba su wuri biyu.

Jakar gyara

Kayan gyaran da ya kamata a ɗauka bai fi kilo biyu ba, kuma hanyar sanin su ita ce a tsuguna gaban babur ɗin a gwada kowane noti. Yawanci sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 sun gama da kusan komai, sai babbar da ta dace da notin ƙafar baya, wadda ta bambanta daga babur zuwa babur. Sai sifanar fulogi, da filaya, da sukudireba mai baki biyu, da liba biyu ko uku na cire taya, da famfon hannu wanda aka gwada aka ga yana kama bawul ɗin babur. Sai faci da sholisho da 'yar takarda mai kaushi ta gogewa, da ɗan makullin cire ƙwayar bawul. Kayan canji kuma: tub sabo, fulogi sabo, mahaɗin sarƙa, wayar kuloci, ƙwan fitila, guntun waya ta ƙarfe, salatif, ragowar baƙin mai a ƙaramar gora, da tocila. In tub ɗaya za a ɗauka, a ɗauki na gaba. A babur ɗin da ƙafafunsa biyu duk inci 17 ne, na gaba yana shiga baya ya kai ka gari, na baya kuwa yakan naɗe a cikin tayar gaba.

Kayan da ba a taɓa gwada su a gida ba nauyi ne kawai. Mai shirin tafiya ya je wurin mai facin unguwarsu ya ce, “Malam, yau ni zan cire, kai ka tsaya ka gyara mini hannu.” Ya biya shi kuɗin aikinsa. Rabin awar nan ta fi kowane bayani a takarda.

A ɗauka an wuce Ningi da kilomita ashirin, sai bayan babur ya fara lilo. Kada a danna birki da ƙarfi. A saki totur, a riƙe kai da kyau, a gangara gefe a hankali. Kada kuma a ce bari a lallaɓa zuwa gari a kan tayar da ba iska, kilomita ɗaya ya isa ya yayyanka tub ya lalata taya. A sauke kaya, a kafa babur a kan babbar jaki, a juya taya a nemo ƙusa a cire da filaya, a lura da inda take. Sau da yawa ba sai an cire ƙafar ba: a cire ƙwayar bawul da notinsa, a taka gefen taya ya rabu da rim, a zura liba ta ɓangaren da ba sarƙa. Sirrin aikin shi ne a danna ɗaya gefen tayar ya faɗa cikin kwarin tsakiyar rim, sai wannan gefen ya sami sararin fitowa. In ka ji kana kokawa da liba, can gefen ne bai faɗa ba. A zaro tub, a ɗan busa masa iska a nemo hujin da kunne ko da yawu. A goge wurin ya yi kaushi, fiye da faɗin facin, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti biyar ya bushe har ya daina kama yatsa. Gaggawar manna faci a kan ɗanyen sholisho ita take sa ya saki bayan kilomita biyar. A manna, a danne da gindin sifana daga tsakiya zuwa gefe.

Kafin a mayar, a shafa cikin taya da yatsu a hankali, domin ƙaya ko guntun waya yakan maƙale ya sake huda sabon aiki. A sa wa tub 'yar iska ya ɗan yi siffa, shi ne ba zai shiga bakin liba ba. A mayar da taya, a tabbata bawul ya tsaya cak, a buga iska. Da famfon hannu aiki ne, a yi haƙuri. In kuwa yagewar a gindin bawul take, ko ta yi tsawo, faci ba zai riƙe ba, sai sabon tub, shi kuma dole a cire ƙafa: a kwance notin sandar birki, da ƙarfen da ya riƙe farantin birki, da babban noti, a zare sandar tsakiya. A jera duk abin da aka cire a kan tsumma bi da bi, musamman ɗan guntun bututun da yake tsakanin ƙafa da ƙarfen babur, wanda yake son ɓacewa cikin yashi. Bayan an mayar a gwada birkin baya kafin a hau. A gari na gaba a tsaya wurin mai faci ya auna iskar.

In inji ne ya mutu, abu uku ake bi da tsari: mai, wuta, iska. A duba makunnin mai ko lokacin juyawa rizab ne ya yi. A buɗe murfin tanki, in ka ji ya ja iska kuma babur ya tashi, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe. A zare tiyon da ke shiga kafireta a ga ko mai yana zuba. In an sha man kwalba babur ya fara shaƙewa, a kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireta a zubar da abin da ya taru, ruwa yakan kwanta a nan domin ya fi fetur nauyi. In mai lafiya, a cire fulogi, a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da inda fetur ya zuba, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake nema. In babu, a sa sabon. Launin bakin tsohon ma labari ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai toka mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu ko an manta cok a ja, fari fat kuwa inji yana zafi fiye da kima, a sassauta gudu a nemi bakanike. In sarƙa ce ta rabu a mahaɗi, a sa sabon mahaɗin, rufaffen bakin maƙallinsa yana kallon inda sarƙa take tafiya.

Abin da ya wuce waɗannan, kamar ƙara daga cikin inji, ko hayaƙi mai yawa da mai yana ƙarewa, ba aikin bakin titi ba ne. A tura zuwa ƙauye mafi kusa ko a nemi a-kori-kura ta ɗauka. Bayan kowane irin jinkiri kuma a sake duba agogo. Daga Ningi zuwa Bauchi ya haura kilomita ɗari, wato awa biyu da rabi da ɗan hutu. Wanda ƙarfe uku da rabi ta yi masa bai bar Ningi ba, ya nemi masauki a nan, ya kira gida ya faɗa, ya ƙarasa da safe bayan ya duba mai da sarƙa da iskar taya.